Tsaya wa aboki a rance: Abin da doka ke bin garanto idan bashi ya maƙale

A ma'aikatu da hukumomin Gwamnatin Tarayya da ke Abuja, da wuya wata ya ƙare ba a ga wani ma'aikaci yana zagaya ofisoshi da takardar neman rance a hannu, yana neman mutum biyu da za su sa masa hannu ba. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata suna neman masu tsayawa, ƙananan bankunan bayar da rance ma haka, har da wasu manyan bankuna idan kuɗin ya yi kauri. Abin da ake buƙata daga mai tsayawa ba ya da yawa a ido: hoto, kwafin katin aiki, takardar albashin wata uku, lambar BVN, sai sa hannu a shafin ƙarshe. Sau da yawa ana gama wannan a tsaye, tsakanin sallar azahar da komawa tebur.

Mafi yawan masu sa hannun suna ɗaukar cewa shaida suka bayar, wato sun san mutumin, sun san inda yake aiki, kuma za su taimaka a nemo shi idan ya ɓace. Doka ba haka take kallon lamarin ba. A wurinta, garanto mutum ne da ya yi alkawari a rubuce cewa idan wane bai biya ba, shi zai biya. Alkawarin nan yarjejeniya ce mai zaman kanta tsakaninsa da mai ba da rancen, kuma girman abin da zai hau kansa yana cikin kalmomin takardar da ya sa wa hannu, ba cikin abin da abokinsa ya faɗa masa a baki ba.

Wa ake fara bi?

Tambayar farko da kowane garanto ke yi idan takardar neman biya ta iso ita ce, me ya sa ba a bi wanda ya ci kuɗin ba? Tambayar tana da tushe. A fiƙihun Malikiyya, wanda da yawa daga cikin masu karatu suka tashi a kansa, sanannen hukunci shi ne ba a tilasta wa mai lamuni biya sai idan wanda ake bi bashin ya rasa abin biya ko kuma ba ya nan. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya kawo wannan hukunci, kuma shi ne ya zauna a zukatan jama'a a matsayin adalcin da aka sani.

Sai dai takardar banki ana yanke hukuncinta ne da dokar yarjejeniya da Najeriya ta gada daga Ingila, kuma a can tsarin ya bambanta. Da zarar wanda ya ci bashin ya saɓa lokacin biya, nauyin garanto ya tabbata. Mai bin bashi yana da zaɓi: ya bi wanda ya ci, ko ya bi garanto, ko ya haɗa su duka a ƙara ɗaya. Ba dole ba ne ya fara kai wanda ya ci bashin kotu, ba dole ba ne ya fara sayar da jinginar da ke hannunsa, sai fa idan takardar ce ta ɗora masa wannan sharaɗi.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Chami da bankin UBA a shekarar 2010. Bankin ya yi ƙarar mutumin da ya tsaya wa wani kamfani a kan bashi, ba tare da ya sa kamfanin cikin ƙarar ba. Mai tsayawar ya yi jayayya a kan hakan, amma kotun ta ce ana iya bin garanto kai tsaye, domin alkawarinsa daban ne da na wanda ya tsaya wa. Wannan ne matsayin doka har yau.

A aikace, mai bin bashi yana bin wanda ya fi sauƙin samu ne. Wanda ya ci bashin yana iya ajiye aiki, ko a kore shi, ko ya bar ƙasar, ko a cire sunansa daga tsarin biyan albashi na IPPIS saboda wata matsala. Da hakan ta faru, cirar wata-wata ta tsaya. Garanto kuwa yana nan a teburinsa, an san ma'aikatarsa, an san matakin albashinsa, an san bankinsa. Dalilin da ya sa masu ba da rance ke nacewa a kan ma'aikacin da aka tabbatar da aikinsa, mai matakin albashi daidai ko sama da na mai neman rancen ke nan.

Yadda bashin ke girma: misali da alƙaluma

A ƙaddara wani ma'aikaci ya karɓi rancen naira 1,200,000 daga wani ƙaramin banki, zai biya cikin wata 24. Kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne a wata, kuma ana lissafa shi a kan uwar kuɗin da aka karɓa tun farko, ba a kan abin da ya rage ba. Abokan aikinsa biyu suka tsaya masa. Kowane wata zai biya naira 50,000 na uwar kuɗi da naira 36,000 na ruwa, wato naira 86,000. Idan ya kammala wata 24, abin da ya biya ya kama naira 2,064,000.

Ya biya wata tara lafiya, jimilla naira 774,000, sai ya ajiye aiki ya bar gari. Saura wata 15. A tunanin masu tsaya masa, mutumin da ya riga ya biya fiye da rabin abin da ya karɓa, abin da ya rage ba zai taka kara ya karya ba. Lissafin banki kuwa ya nuna saura naira 750,000 na uwar kuɗi da naira 540,000 na ruwa, wato naira 1,290,000. Bayan biyan wata tara, abin da ake nema ya zarce abin da aka karɓa a ranar farko.

Ba a nan lissafin ya tsaya ba. A ƙaddara takardar ta ce idan an saɓa biya, dukkan abin da ya rage ya zama wajibi nan take, kuma akwai tarar jinkiri ta kashi 1 cikin ɗari a wata. Bankin ya yi wata shida yana neman mutumin kafin ya waiwayi masu tsayawa. Tarar wata ɗaya naira 12,900 ce, ta wata shida naira 77,400. Takardar ta kuma ɗora wa mai bashi kuɗin lauya da na bin bashi, a ce kashi 10 cikin ɗari na abin da ya rage, wato naira 129,000. Jimilla ta kai naira 1,496,400. Idan bankin yana riƙe da ajiyar dole ta naira 120,000 da ya cire daga mai rancen tun farko, sai a ɗebe ta, saura naira 1,376,400.

Wannan ne adadin da zai bayyana a takardar neman biya. Kuma kowanne daga cikin mutum biyun nan ana iya neman sa ya biya shi gaba ɗaya, ba rabi ba. Kusan duk takardun lamuni suna ɗauke da jimlar da ke cewa masu tsayawa sun ɗauki nauyin a haɗe kuma a ɗaiɗaice. Ma'anarta ita ce banki na iya zaɓar mutum ɗaya ya karɓi kuɗinsa duka, ya bar shi ya je ya nemi rabonsa wurin ɗan'uwansa. Rabin da ya kama naira 688,200 magana ce tsakanin masu tsayawar su biyu, babu ruwan banki da ita.

Akwai wuraren da garanto zai iya ja a cikin wannan lissafi. Na farko shi ne ruwan watannin da ba su zo ba: idan banki ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya kafin wa'adi, ya dace a duba ko takardar ta ba shi damar karɓar ruwan watannin da suka rage, domin a nan ne aka fi samun ragi idan aka zauna sulhu. Na biyu shi ne tara da sauran caje-caje, waɗanda Babban Bankin Najeriya ya yi musu iyaka a jadawalin cajin da yake fitarwa. Na uku shi ne inshora. Rance da yawa da ake ba ma'aikata ana cire kuɗin inshora a cikinsu, wadda ke biya idan mai rancen ya rasu, wani lokaci har idan ya rasa aiki. Garanto yana da dalilin tambaya ko an karɓi wannan kuɗi kafin a zo kansa. Duk waɗannan ba sa fitowa sai an nemi cikakken bayanin asusun rancen a rubuce, tun daga ranar da aka ba da kuɗin.

Sharuɗɗa uku da ke yanke hukunci

Abu na farko da ya kamata a nema a takarda shi ne iyaka. Akwai lamuni mai iyaka, inda aka rubuta cewa nauyin mai tsayawa ba zai wuce adadi kaza ba, akwai kuma wanda ba shi da iyaka. Da a misalin da ya gabata ɗaya daga cikin masu tsayawar ya sa an rubuta cewa nauyinsa ba zai wuce naira 600,000 ba, har da ruwa da tara da kuɗin lauya, to iyakar abin da za a bi shi ke nan komai girman bashin. Kalmomin ƙarshen nan suna da muhimmanci, domin takardu da yawa suna ambata adadi, sannan su ƙara da cewa ban da ruwa da kuɗaɗen da aka kashe. Iyakar da ruwa ke hawa a kanta ba ta tsare kowa.

Abu na biyu shi ne wane bashi aka tsaya wa. Wata takardar tana ɗaure ne da rance ɗaya, mai adadi da kwanan wata, idan an biya shi magana ta ƙare. Wata kuwa lamuni ne mai ɗorewa, wanda ya haɗa duk kuɗin da banki ke bin mutumin yanzu da wanda zai bi shi nan gaba. Bambancin yana fitowa ne a lokacin ƙarin rance, abin da ya zama ruwan dare tsakanin ma'aikata. A ce mai rancen nan ya koma bayan wata shida ya karɓi ƙarin naira 500,000 ba da sanin masu tsaya masa ba. Idan takardarsu ta rance ɗaya ce, ƙarin bai hau kansu ba, kuma suna iya kafa hujja cewa an sauya yarjejeniyar da suka tsaya wa. Idan mai ɗorewa ce, ƙarin ya shiga wuyansu ko da ba su taɓa jin labarinsa ba. Mai irin wannan lamuni yana iya rubuta wa banki cewa ya janye, amma janyewar tana aiki ne a kan abin da za a bayar nan gaba, bisa wa'adin sanarwar da takardar ta tanada. Abin da aka riga aka bayar yana nan a kansa.

Abu na uku shi ne jimlar da ke mayar da garanto tamkar shi ne ya ci bashin. A asalin doka nauyin garanto yana bin na wanda ya tsaya wa: idan bashin ya faɗi saboda wata illa a yarjejeniyar rancen, lamunin ma ya faɗi. Lauyoyin bankuna sun san da haka, shi ya sa suke ƙara sharaɗin cewa mai tsayawa ya yarda a ɗauke shi a matsayin ainihin mai bashi, kuma ya ɗauki nauyin mayar wa banki duk asarar da ya yi. Wanda ya sa hannu a kan wannan ya rasa yawancin kariyar da doka ke ba garanto na asali.

Kotu ba ta karɓar uzurin cewa mutum bai karanta ba. Baligi mai hankali wanda ya iya karatu, abin da ya sa wa hannu ya ɗaure shi, sai dai idan ya tabbatar da an yaudare shi, ko an tilasta masa, ko kuma sa hannun ba nasa ba ne. Mafi haɗari shi ne sa hannu a takardar da ba a cike gurbin adadin kuɗi ba, da alkawarin za a cike daga baya.

Ta ina ake karɓar kuɗin?

Hanya mafi sauri ita ce wadda garanto ya buɗe da hannunsa. A ƙungiyar gama-kai, dokokin ƙungiya sukan ba da damar a riƙe ajiyar mai tsayawa ko a ci gaba da cira daga albashinsa, kuma ya amince da hakan tun ranar da ya shiga. A banki, idan garanto yana da asusu a bankin da ya ba da rancen, takardar takan ba bankin ikon ɗiba daga asusun don cike bashin. Wasu masu ba da rance kuma suna haɗawa da takardar izinin cira kai tsaye daga asusun albashi, a cikin tarin shafukan da ake sa wa hannu lokaci guda.

Akwai kuma tsarin GSI, wanda Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020. Tsarin yana ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi kuɗi daga asusun mai bashi a wasu bankuna, uwar kuɗi da ruwa kawai, ban da tara. An gina shi ne a kan izinin da mai rancen ya sa wa hannu. Saboda haka garanton da ya ga an taɓa asusunsa a wani banki yana da haƙƙin neman a nuna masa izinin da shi kansa ya bayar. Idan babu, ya kai ƙorafi a rubuce ga bankin, in ba a warware ba ya wuce sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Inda babu irin wannan izini, sai kotu. Ƙarar bashi mai takarda ba ta cika daɗewa ba, domin dokokin kotu sun tanadi gajeriyar hanya ga bashin da adadinsa ya fito fili: idan wanda ake ƙara bai shigar da takardar da ke nuna yana da kariya ta gaske cikin lokaci ba, ana iya yanke hukunci ba tare da doguwar shari'a ba. Garanton da ya ajiye sammaci a aljihun tebur yana jiran abokinsa ya dawo, yakan farka ne bayan an yi hukunci. Daga nan mai bin bashi zai iya neman kotu ta umarci bankunan da ke riƙe da kuɗinsa su miƙa su, ko a kama kadarorinsa a yi gwanjo.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai ƙarin nauyi. Ƙa'idojin Aikin Gwamnati sun lissafa mummunan nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifukan aiki, kuma wanda kotu ta yanke wa hukuncin biyan bashi bai biya ba yana cikin waɗanda ake kallo da wannan ido. Haka kuma bayanin bashin da ya maƙale yana iya kaiwa ga kamfanonin adana tarihin bashi, waɗanda bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ya kuma nemi gyara idan an yi masa kuskure.

Iyakar mai bin bashi

Rashin biyan bashi ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma dokokin biyu sun hana kama wani a madadin wani. Kotuna sun sha nanata cewa 'yan sanda da hukumar EFCC ba masu karɓar bashi ba ne. Garanton da aka tsare don a matsa masa ya biya yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a kan masu tsarewar da wanda ya turo su.

Akwai ƙofa ɗaya da ke mayar da bashi laifi, ita ce cakin banki. Masu ba da rance da dama suna karɓar caki mai kwanan wata na gaba daga hannun garanto. Dokar 1977 a kan cakin da ya dawo babu kuɗi ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba tare da zaɓin tara ba, ga wanda ya yi amfani da caki ya samu dukiya ko rance wa kansa ko wa wani, sannan aka gabatar da cakin cikin wata uku daga kwanan watan da ke jikinsa ya dawo saboda rashin kuɗi. Dokar ta bar kariya ga wanda ya tabbatar yana da dalilin gaskata cewa za a biya cakin, amma kafin a kai ga wannan, mutum ya riga ya sha zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Haka nan ba da takardar albashi ta bogi ko bayanin ƙarya don a samu rancen yana iya jawo tuhumar zamba.

A ɗaya gefen kuma, akwai waɗanda ake kira garanto alhali ba su ba ne. Doka ta shardanta cewa alkawarin biyan bashin wani sai ya kasance a rubuce da sa hannun mai alkawarin kafin kotu ta tilasta shi, ƙa'idar da ta samo asali daga wata dokar Ingila ta 1677. Mutumin da manhajar rance ta tsinci lambarsa a wayar mai bashi, ko wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci ba tare da amincewarsa ba, babu ko kwabo a kansa. Saƙonnin barazana da ɓata suna da irin waɗannan manhajoji ke aikawa abin kai ƙara ne ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe su. Sai dai a lura, amincewa ta intanet, inda mutum ya shigar da bayanansa ya danna yarda, ana iya kafa hujja da ita a kotu.

Abin da ke sauke nauyin, da abin da ya rage bayan biya

A asalin doka, garanto yana kuɓuta idan mai bin bashi ya sauya yarjejeniyar rancen sauyi mai tasiri ba da yardarsa ba, ko ya ƙulla sabon wa'adi da mai bashin, ko ya yafe masa. Idan kuma ya saki jinginar da ke hannunsa, ko ya yi sakaci ta salwanta, nauyin garanto yana raguwa gwargwadon darajarta, wani lokaci ya faɗi gaba ɗaya. Hikimar ita ce mutum ya tsaya ne a kan wani hali da ya sani, bai kamata a sauya masa shi a bayan idonsa ba. Matsalar ita ce yawancin takardun bankuna suna ɗauke da sharaɗin da garanto ya amince tun farko a yi duk waɗannan ba tare da an tuntuɓe shi ba. Shi ya sa lauya ba zai iya cewa komai ba sai ya ga kwafin takardar.

Lokaci ma yana kashe ƙara. A Abuja, bashin yarjejeniya ta yau da kullum ana shigar da ƙararsa ne cikin shekara shida, takardar da aka yi da hatimi kuma shekara 12, wasu jihohi suna da nasu wa'adin. Idan takardar ta ce garanto zai biya ne bayan an nema, lissafin yakan fara daga ranar da aka nema a rubuce. Biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce yana sabunta wa'adin.

Abubuwan da jama'a ke zaton suna saukewa kuwa ba sa saukewa. Ritaya, canjin ma'aikata, ko ɓatawa da abokin ba su taɓa alkawarin. Rasuwar mai rancen ba ta shafe bashin, sai in inshora ta biya. Rasuwar garanton kansa ma ba ta shafe abin da ya riga ya hau kansa, ana bin sa a cikin dukiyar da ya bari kafin a raba gado.

Garanton da ya biya yana da haƙƙi uku. Yana bin wanda ya tsaya wa duk abin da ya biya, kuma yana iya kai shi kotu. Idan ya biya bashin gaba ɗaya, yana hawa matsayin banki, ya karɓi duk jinginar da bankin ke riƙe da ita. Sannan yana bin abokin tsayawarsa rabonsa: wanda ya biya naira 1,376,400 shi kaɗai a misalin nan yana bin ɗan'uwansa naira 688,200. Waɗannan haƙƙoƙi ba sa tafiya sai da shaida. Don haka biyan ya bi ta asusun banki, a karɓi rasit, a ƙarshe kuma a karɓi wasiƙar da ke cewa an sallami mai tsayawa, tare da mayar masa da duk cakin da ya bayar.

Idan an riga an sa hannu kuma takardar neman biya ta iso, abin yi shi ne a amsa a rubuce ba tare da an amsa adadin ba, a nemi kwafin takardar lamuni da ta rancen da bayanin asusu, a sanar da abokin tsayawa, sannan a ga lauya kafin a biya komai ko a sa hannu a sabon jadawalin biya. Masu ba da rance sukan sassauta tara da kuɗin bin bashi ga wanda ya zo da wuri da tsarin biya a hannunsa, domin shari'a tana cin kuɗi da lokaci a ɓangarensu ma.

Wanda kuma ba a kai ga sa hannu ba, yana da damar da ba za ta dawo ba. Yana iya neman a rubuta iyakar nauyinsa da alƙaluma har da ruwa da tara, a ɗaure lamunin da rance ɗaya, a shardanta sanar da shi a rubuce da zarar an saɓa biyan wata ɗaya, kuma ya tafi da kwafin abin da ya sa wa hannu. Ba kowane banki ne zai yarda da gyara a takardarsa ba. Idan an ƙi, abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki jimillar abin da za a biya har ƙarshen wa'adi, ya ɗora ta a kan albashinsa da hidimar gidansa, ya ga ko zai iya ɗauka shi kaɗai. Adadin da ya san ba zai iya biya ba, gara ya faɗa wa abokinsa gaskiya tun takardar tana hannu, ko ya taimaka masa da abin da zai iya daga aljihunsa.